Wasiƙar da ke Shigar da Sabon Wasan Kati Gaban Kamfani

A shekarar 1991 wani ɗalibin lissafi a Amurka, Richard Garfield, ya gana da Peter Adkison, mai wani ƙaramin kamfanin wasanni da ake kira Wizards of the Coast. Abin da ya kai shi shi ne neman wanda zai buga masa wasan da ya ƙirƙira mai suna RoboRally, wasa na allo da 'yan mutum-mutumi da tarkace masu yawa a cikin kwali. Adkison bai kushe wasan ba. Ya dai nuna masa cewa kamfaninsa bai da ƙarfin buga abu mai cin kuɗi haka, kuma abin da yake nema shi ne wasa mai sauƙin ɗauka, mara kaya da yawa, wanda mutane za su yi cikin ɗan lokaci suna jiran wani abu a wurin taro. Garfield ya koma gida, ya dawo da wasan kati. Wannan wasan shi ne Magic: The Gathering, wanda ya fito a 1993 ya mamaye duniya. RoboRally kuwa sai a 1994 aka buga shi, bayan kamfanin ya yi ƙarfi.

Wasan farko ba shi da aibi, amma an kai shi inda ba a buƙatarsa a lokacin. Duk wanda zai rubuta wa kamfani wasiƙa a kan wasan da ya ƙirƙira, nan ya kamata ya fara tunani. Mai karanta wasiƙar ba alƙalin gasa ba ne da zai ba wa mai hazaƙa maki. Ɗan kasuwa ne da zai zuba kuɗinsa, kuma tambayar da ke ransa ita ce ko wannan wasan ya dace da abin da yake bugawa, ko zai iya buga shi a farashin da mutane za su saya. Wasiƙa mai kyau tana amsa masa wannan kafin ya gaji da karatu.

Bari in ɗan yi bayanin sana'ar, domin da yawa daga cikinmu idan an ce wasan kati, karta da caca ne ke zuwa mana a rai, ko kuma Whot da yara ke yi a zaure. Shi ma Whot ɗin wani mutum ne ya zauna ya tsara shi a Ingila a shekarun 1930, kamfani ya buga, har ya zama ɗan gida a Najeriya. Haka Uno, wanda wani mai aski a jihar Ohio, Merle Robbins, ya ƙirƙira a 1971. A yau ana fitar da dubban sababbin wasanni kowace shekara, na iyali da na yara da na manya, ba ruwansu da caca. Mafi yawansu ba ma'aikatan kamfani ne ke ƙirƙirarsu ba. Mutane ne masu zaman kansu, malamai da injiniyoyi da ma'aikatan ofis, waɗanda ke yanka kwali da almakashi su yi samfur, su gwada shi da jama'a, sannan su nemi kamfanin da zai saka zane, ya buga, ya rarraba. Shi mai wasan ana ba shi kamasho a kan kowane kwafi da aka sayar. Kusan yadda marubuci yake da kamfanin ɗab'i ke nan. A Abuja ma akwai kamfanin NIBCARD da ke ƙera wasanni yana kuma shirya taron masu wasannin tebur na Afirka, kuma a 2021 ya samu lambar yabo ta Diana Jones, wadda ake ji da ita a wannan fanni. Saboda haka maganar ba ta nesa ba ce kamar yadda za a zata.

Abu na farko da sabon shiga ke kuskurewa shi ne abin da wasiƙar za ta iya yi masa. Babu kamfanin da ke sa hannu a kwantiragi saboda ya karanta imel. Dole sai an buga wasan a teburinsu sau da yawa. Aikin wasiƙar ƙarami ne: ta sa edita ya buɗe takardar bayani ko ya kalli bidiyo, daga nan ya ce a aiko da ƙa'idoji ko samfur. Wanda ya gane haka zai daina cusa komai a cikinta. Ba a buƙatar tarihin yadda tunanin ya zo masa, ko shekarun da ya kwashe yana fama, ko bayanin kowane kati. Kalma 200 zuwa 250 sun isa.

Kafin a rubuta harafi ɗaya, sai an zaɓi wanda za a rubuta wa, kuma a nan ne rabin aikin yake. Kowane kamfani da irin kayan da aka san shi da su. Amigo na Jamus ya yi suna da ƙananan wasannin kati a ɗan kwali, irin 6 nimmt! na Wolfgang Kramer da Bohnanza na Uwe Rosenberg. Gamewright na Amurka yana yin na yara da iyali, shi ne ya yaɗa Sushi Go! Akwai ma Button Shy, wanda aka san shi da wasanni masu kati 18 kacal a cikin 'yar jaka kamar ta kuɗi. Wanda ya aika wa irin wannan kamfani wasa mai kati 200 da allo ya nuna bai ko leƙa kayansu ba, kuma edita zai gane haka daga layi na biyu. Sai mutum ya shiga shafin kamfanin ya karanta sharuɗɗansu na karɓar wasanni. Wasu suna da fom da ake cikewa, wasu suna buɗe ƙofa a wasu watanni kawai, wasu kuma, musamman manyan kamfanonin kayan wasan yara, ba sa karɓa daga hannun mutum sai ta dillali ko wata hanya da suka tsara. In sun ce bidiyo kar ya wuce minti biyu, to kar ya wuce. Akwai kuma wata 'yar tsaka mai wuya da ya kamata a lura da ita: wasan ya yi kama da kayansu har ya zauna a jerinsu, amma kar ya zama tagwaye da wanda suka riga suka buga, domin ba za su fitar da abin da zai kashe wa nasu kasuwa ba.

Na biyu, sai mai wasa ya san lissafin da edita ke yi a zuciyarsa yana karatu. Mu ɗauki ƙaramin wasan kati da za a sayar dala 15 a kanti. 'Yan sari da ke rarraba wa kantuna yawanci suna saye a wajen kashi 40 cikin 100 na farashin kanti, wato dala 6. A cikin dala 6 ɗin nan ne kamfani zai biya masana'anta da jigila da mai zane da talla da kamashon mai wasa. Ƙiyasin da masu sana'ar suka saba yi shi ne kuɗin bugu kar ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na farashin kanti, wato dala 3 a nan. Shi ya sa jerin kayan da ke cikin kwali ba ƙaramar magana ba ce a wasiƙa. Ana buga katuna ne a kan manyan takardu sannan a yanka, kuma a masana'antu da yawa takarda ɗaya tana ɗaukar kati 54 ko 55 na girman da aka saba. Wasa mai kati 54 ya cika takarda ɗaya daidai. Mai kati 60 kuwa ya shiga ta biyu saboda 'yan katuna biyar ko shida. Kowane ɗan katako ko tsabar roba da aka ƙara yana ƙara kuɗi, yana iya sa a canza girman kwali. Idan mai wasa ya rubuta "kati 54, babu wani abu kuma", ya gaya wa edita abubuwa biyu a jimla ɗaya: wasan yana da arha, kuma mai shi ya san yadda sana'ar take.

Yanzu mu ɗauki misali mu bi shi. Mu ƙaddara wata malamar makaranta ce ta ƙirƙiri wasa ta sa masa suna Ayari, a kan fataken da ke ƙetare hamada da raƙuma zuwa ɗauko gishiri. Ta gwada shi, ta gyara, ta samu kamfanin da ya ce yana neman ƙananan wasannin iyali. Idan kamfanin na waje ne da Turanci za ta rubuta, amma ginin wasiƙar ɗaya ne, don haka ga ta da Hausa.

Kan wasiƙa: Ayari, kati 54, mutum 3 zuwa 5, minti 20.

"Zuwa ga Editan Sababbin Wasanni. Barka da aiki. Na ga sanarwarku cewa kuna karɓar ƙananan wasannin kati na iyali da ba su wuce rabin awa ba, shi ya sa nake gabatar muku da Ayari.

"A cikin wasan, 'yan wasa fatake ne da ke ƙetare hamada a ayari ɗaya. Kowane kati yana nuna kaya a sama, salkunan ruwa a ƙasa, kuma kati mafi tsada shi ne mai ruwa mafi yawa. A kowane zango za ka ɗaure kati ɗaya a matsayin kayanka, sannan ka zubar da wasu don biyan ruwan da zangon ke buƙata. Wanda ruwansa bai kai ba sai ya saya a wurin abokan tafiya da kayan da ya riga ya ɗaure, su ne za su yanka masa farashi. In duk suka ƙi sayar masa, ayari ya tsaya, kowa ya yi asarar kati. Bayan zango shida, mai kaya mafi daraja ya ci.

"Mutum 3 zuwa 5, minti 20, shekara 10 zuwa sama. Kayan wasan kati 54 ne, babu wani abu kuma. Zai dace da masu son ciniki irin na Bohnanza, sai dai a nan wanda ya ƙuntata wa abokinsa da yawa kansa yake cuta. An buga shi sau 70, kuma 12 daga ciki mutane ne suka koya daga takardar ƙa'idoji ba tare da ina wurin ba.

"Na haɗa takardar bayani mai shafi ɗaya da adireshin bidiyo na minti biyu. In kuna da sha'awa, zan aiko da ƙa'idoji da samfur, ko mu buga shi ta intanet a ranar da ta yi muku. Na gode da lokacinku."

Sai suna da adireshin imel, shi ke nan.

Mai karatu zai lura gaisuwar gajeriya ce. Mu mun saba buɗe wasiƙa da gaisuwa mai yawa da tambayar iyali da aiki, kuma a tsakaninmu wannan ladabi ne. A wurin editan da ke da tarin saƙonni a gabansa, ladabin da yake gani shi ne a girmama lokacinsa. Jimla ta biyu ma tana da aikinta. Da malamar ta ambaci sanarwar kamfanin, ta nuna su take nufi, ba wasiƙa ɗaya ta watsa wa kamfani talatin ba. In ta san sunan editan daga shafin kamfanin, gara ta kira shi da sunansa.

Sakin layi na biyu shi ne zuciyar wasiƙar, kuma nan ne mutane suka fi faɗuwa. Yawancin sababbin shiga labari suke bayarwa: hamada mai faɗi, rana mai zafi, jarumtar fatake, dogon tarihin cinikin gishiri. Duk wannan yana da daɗi, amma edita bai ga wasa ba tukuna. Abin da yake so ya sani shi ne me ɗan wasa yake yi da hannunsa idan layi ya zo kansa, kuma me ke sa shi ya yi jim kafin ya ajiye kati. A Ayari amsar a fili take: katin da kake so ka kai kasuwa shi ne katin da zai shayar da raƙumanka. Da mutum ya karanta wannan zai hango kansa riƙe da katin gishiri mai tsada, zango na neman salka uku, yana duban fuskar na kusa da shi ko zai yi masa rangwame. In wasiƙa ta sa edita ya hango wannan lokacin, ta gama aikinta.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwada ko an samu wannan jimlar. A cire sunan wasan da labarinsa, a ga ko abin da ya rage zai dace da wasu wasanni ɗari. "Wasa mai daɗi da ke buƙatar dabara da sa'a, wanda dukan iyali za su more" ya dace da kowane kwali a kanti, saboda haka bai faɗi komai ba. Wanda ya kasa faɗin abin da ya bambanta wasansa a jimla biyu, sau da yawa matsalar ba a alƙalaminsa take ba, a wasan take, kuma gara ya koma teburin gwaji. A ganina wannan ne babban amfanin rubuta wasiƙar tun da wuri, ko da ba a shirya aikawa ba: tana tona inda wasa bai nuna ba.

Maganar kwatanta wasa da wani kuwa tana buƙatar kula. Amfaninta shi ne ta nuna wa edita irin masu sayen da ake nufi, ta kuma nuna mai wasa ya san abin da aka riga aka yi. Amfani da kati ɗaya a matsayin kaya kuma a matsayin kuɗi ba sabon abu ba ne, San Juan ya yi shi tun 2004, kuma duk editan kirki ya san haka. Da malamar ta ce ita ce ta fara wannan a duniya, da ta zubar da mutuncin wasiƙarta. Abin da ta yi shi ne ta ambaci wasa ɗaya sananne, sannan nan take ta faɗi inda nata ya rabu da shi. Abin da ba a so shi ne a ce wasan zai zama sabon Uno, ko zai fi Magic kasuwa. Edita ya sha jin irin wannan, kuma alama ce ta wanda bai san kasuwar ba.

Sai jimlar gwaji. Kowa na cewa 'yan gidansu da abokansa sun so wasan, kuma ba wanda ke ɗaukar wannan da nauyi, tunda masoyi ba ya son ɓata maka rai. Shaidar da ake girmamawa ita ce gwajin da mai wasa ba ya wurin, ko yana wurin amma bai ce uffan ba. A miƙa wa baƙi katuna da takardar ƙa'idoji, su karanta, su buga. A nan ake ganin jimlar da aka fahimta a baibai, da dokar da kowa ke mantawa, da lokacin da mutane suka fara duba wayoyinsu. Mu ce a misalinmu da farko zango takwas ne, wasa yana kai minti 35, kuma tun a zango na shida an san wanda zai ci. Rage shi zuwa shida ne ya kawo minti 20 ɗin da ke kan wasiƙa. Lokacin da aka rubuta dole ya zama na gaskiya, wanda aka auna da agogo a hannun sababbin 'yan wasa. In an rubuta minti 20 edita ya buga ya kwashe 45, ba zai sake yarda da sauran maganar ba. Haka yawan 'yan wasa: in wasan ciniki ne da ba ya armashi da mutum biyu, kar a rubuta 2 zuwa 5 don kwali ya yi kyau.

Abubuwa biyu ne ke raka wasiƙar. Na farko takardar bayani mai shafi ɗaya, wadda ke ɗauke da sunan wasa, yawan 'yan wasa, lokaci, shekaru, jerin kaya, babban hoto na wasan a shimfiɗe kan tebur ana tsakar bugawa, 'yan layuka kan yadda zagaye ɗaya ke tafiya, da adireshin mai shi. Na biyu bidiyo na minti ɗaya zuwa uku. Waya ta isa, muddin akwai haske kuma ana jin murya. A ɗora kyamara a saman tebur, a nuna hannu da katuna, a buga zagaye guda a nuna inda zaɓin yake da wuya. Ba koyar da dukan ƙa'idoji ake yi ba. Kafin a aika, a buɗe adireshin bidiyon a wayar wani don a tabbatar ba ya neman izini, domin edita ba zai rubuto yana roƙon a buɗe masa ba. Ga mai zama nesa da kamfanonin Turai da Amurka, manhajoji irin Tabletop Simulator da Tabletopia sun rage wahala sosai, tunda ana iya ɗora katunan a buga da edita ta intanet ba tare da an biya kuɗin aika kwali ba.

Kada kuma a kashe kuɗi wajen mai zane. Samfur yana buƙatar tsafta da rubutu mai karantuwa da alamomi da ba sa rikita ido, ba kyau ba. Kamfani zai ɗauki nasa mai zanen, kuma yana iya canza suna, har ma labarin wasan. Elizabeth Hargrave ta gabatar wa Jamey Stegmaier na Stonemaier Games wasanta na tsuntsaye a taron Gen Con na 2016 da sunan Bring in the Birds. An ci gaba da gyaransa, ya fito a 2019 da sunan Wingspan, ya kuma ci babbar kyautar Kennerspiel des Jahres ta Jamus a shekarar. Tsuntsayen sun tsira, sunan bai tsira ba, kuma tsakanin ganawa da fitowa an haura shekara biyu. Ita malamar Ayari ya kamata ta yanke shawara tun kafin a tambaye ta: in kamfani ya ce zai mayar da raƙuman jiragen sama jannati, za ta yarda? In labarin fataken gishiri abu ne da ba za ta saki ba, hakkinta ne, kuma ni ina ganin ƙarfi ne ga wasan tunda ba a cika ganin irinsa a kanti ba. Amma sai ta nemi kamfanin da ke son hakan, ta kuma faɗa a lokacin tattaunawa kafin a sa hannu.

Akwai tsoro guda da ke hana mutane da yawa rubuta wasiƙa mai ma'ana, wato tsoron a sace musu tunani. Sai ka ga mutum ya rubuta cewa yana da wasa mai ban mamaki amma ba zai faɗi yadda yake ba sai kamfani ya sa hannu a yarjejeniyar rufe sirri. Kusan babu kamfanin wasannin tebur da zai sa wannan hannun. Dalilinsu a bayyane yake: suna ganin wasanni masu yawa, wasu suna kama da juna, kuma ba za su ɗaure kansu da alkawarin da zai jawo musu shari'a gobe ba. Irin wannan wasiƙar ajiye ta kawai ake yi. A dokar Amurka ma haƙƙin mallaka yana kare rubutun ƙa'idoji da zane ne, ba ya kare dabarar wasa ita kanta. Abin da ya fi kare mai wasa a aikace shi ne sana'ar ƙarama ce, an san juna, kuma biyan kamasho ya fi wa kamfani arha a kan ɓata suna. Wanda ya nuna wasansa a taruka, jama'a suka buga suka san nasa ne, ya fi mai ɓoyewa samun kariya.

Bayan an aika sai haƙuri. Amsa tana iya ɗaukar makonni, kuma a kusa da manyan taruka, kamar Gen Con na Indianapolis a tsakiyar shekara da Spiel na birnin Essen a watan Oktoba, editoci ba su cika zama a ofis ba. Mai niyyar zuwa irin waɗannan taruka sai ya rubuta da wata ɗaya ko biyu kafin lokaci ya nemi a ba shi ganawa, domin jadawalinsu yana cika da wuri. In an yi wata guda ba amsa, tunatarwa ɗaya mai layi biyu ta wadatar. Ba laifi ba ne a aika wasiƙa ga kamfanoni da dama lokaci guda, kowanne da tasa. Amma idan wani ya karɓi samfur yana dubawa, ya kamata a gaya masa ko akwai wasu da ke dubawa, kuma in ya nemi a bar masa shi kaɗai, a yanka wa'adi, kamar wata uku.

Amsoshin da ke dawowa su ma suna nuna inda gyara yake. In kamfani goma sun yi shiru ko sun ƙi ba tare da sun nemi ƙa'idoji ba, laifin yana wajen wasiƙa ko zaɓin kamfani. In suna neman ƙa'idoji amma ba sa neman samfur, a duba rubutun ƙa'idojin. In kuwa suna karɓar samfur su buga sannan su dawo da shi, to wasan ne bai ƙarasa ba, kuma gyaran wasiƙa ba zai yi magani ba. Edita da ya ɗauki lokaci ya rubuta dalilinsa ya yi wa mutum alheri. A gode masa, kar a yi gardama, kuma a tambaye shi ko zai so ya ga wasa na gaba. Garfield ma da wasa na biyu ya shiga.

In Allah ya sa an dace, ya kamata a san girman abin da ke tafe. Kamashon mai wasa yawanci yana tsakanin kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na kuɗin da ya shiga hannun kamfani, ba na farashin kanti ba. A misalinmu, kashi 6 na dala 6 santi 36 ne a kowane kwafi. In an buga 3,000 aka sayar duka, malamar za ta samu dala 1,080, kuma duk kuɗin kafin alƙalami da aka ba ta daga ciki za a cire. Kuɗi na gaske sai wasa ya samu karɓuwa an yi ta sake bugu ana fassara shi zuwa wasu harsuna. Saboda haka a karanta kwantiragi da kyau: a kan wane kuɗi ake lissafa kamasho, wane kaso ake samu in an ba wa kamfanin wata ƙasa lasisi, za a sa sunan mai wasa a kan kwali, kuma in kamfani bai buga ba cikin wa'adin da aka yanka, ko ya daina bugawa, yaushe wasan zai dawo hannun mai shi. Kamfanin da ya ce mai wasa ya fara biyan kuɗi kafin a buga masa ba mawallafi ba ne, aikin ɗab'i yake sayarwa, kuma a wannan sana'ar daga kamfani kuɗi ke tafiya zuwa ga mai wasa.